Watannin da abokan aikina suka daina kawo mini mugun labari

Ni ma'aikacin jinya ne, kuma shekara shida ke nan ina riƙe da wata ƙaramar cibiyar lafiya a gefen birnin Maradi, inda kowa yake kirana Majo kamar yadda ake kiran duk wanda aka ɗora wa irin wannan wuri. Mu tara ne a cibiyar idan an haɗa da sajifam, wato ma'aikaciyar da ta yi karatun karɓar haihuwa, da wata dattijuwar ungozoma da dukanmu muke ce wa Inna, da mai ba da magani, da mai shara, da mai gadi. Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne tsakanin daminar 2023 da tsakiyar 2024, kuma ya shafi kuskure biyu da na yi da hannuna. Na farko ya lalata mana allurar rigakafi, na biyu kuma ya rufe bakin mutanen da nake aiki da su, kuma gyaran na biyun ya fi cin lokaci nesa ba kusa ba.

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ta yanke, aka shiga rabon kuran unguwa-unguwa. Dole ne allurar rigakafi ta zauna tsakanin digiri 2 da digiri 8, firigon namu kuwa tsoho ne mai maɓallin da ake murɗawa da hannu. Wata rana da yamma na ga awon ya haura 8, sai na murɗa maɓallin zuwa ƙarshen sanyi, da tunanin cewa idan wuta ta zo zai tara sanyin da zai riƙe shi har ta dawo. Ban rubuta ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Ƙa'idar aikin ta hana yin haka bayan ɗaukewar wuta, na kuma san ta, amma lokacin damina ne, zazzaɓin cizon sauro ya cika mana tsakar gida da yara, kuma tsoron zafi ya rufe mini ido daga hatsarin sanyi. Wasu allurai, irin su ta ƙyanda da ɗigon shan inna, daskarewa ba ta yi musu komai. Penta kuwa, wadda ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14 domin kare su daga mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta da sauransu, tana ɗauke da sinadarin alminiyum wanda yake dunƙulewa idan ya daskare, kuma ƙarfinta ba ya dawowa bayan ta narke. Alamar da ke jikin kwalba zafi kawai take nunawa, saboda haka kwalbar da ta daskare ta narke kamanninta ɗaya da lafiyayya.

Da sanyin hunturu ya shigo, wutar ta riƙa daɗewa da dare, firigon ya riƙa sauka ƙasa da sifili gabanin asuba. Mai kula da shi wata matashiyar ma'aikaciya ce da ba ta cika shekara biyu da fara aiki ba. Tana duba awo safe da yamma kamar yadda aka koya mata, kuma a waɗannan lokuta awon yakan koma 2 ko 3, don haka takardarta ba ta nuna komai ba. Amma a cikin firigon akwai ƙaramar na'ura mai riƙe awon kwana 30, wadda take sa alama idan sanyi ya wuce rabin digiri ƙasa da sifili na tsawon awa ɗaya. A farkon Nuwamba ta same ni ina tsakiyar duba marasa lafiya, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, “Majo, na'urar nan ta firigo tana nuna wata alama.” Ban ɗago kai ba na ce mata, “Malama, ba ki ga layin da ke gabana ba ne? Na'urar nan ta cika ƙorafi, je ki yi aikinki.” Ta tafi, kuma ba ta sake ta da maganar ba.

A tsakiyar Disamba mai sa ido daga gunduma ya zo zagaye, ya danna na'urar, ya ga alamar daskarewa a darare da dama. Tun kafin a gwada kwalba ko ɗaya na kira yarinyar nan gaban baƙon da sauran ma'aikata da matan da ke zaune kan benci da goyonsu, na ce mata sakarci ya yi mata yawa, na ce idan wani yaro ya mutu alhakinsa yana wuyanta. Ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba. A daren muka daskarar da kwalba ɗaya da gangan domin gwaji, washegari muka narkar da ita, muka girgiza ta tare da waɗanda ake zargi, muka jera su a kan teburi a gaban taga. Lafiyayyar Penta takan daɗe da launin madara, wadda ta lalace kuwa nan da nan take tsinkewa, gari ya kwanta a ƙasa, ruwa ya washe a sama. Namu suka kwanta tare da wadda muka daskarar. Aka ware duk alluran da ba sa jure daskarewa, muka buɗe rajista muka ƙirga yara 47 da aka yi wa Penta tun farkon Nuwamba, a shekarar da mashaƙo ya ɓulla a jihar Damagaram maƙwabciyarmu. A rahoton da na aika gunduma na rubuta cewa sakacin mai kula da firigo ne ya jawo.

Kwana uku bayan haka mai gyara ya zo, ya duba bayan firigon ya tambaya wane ne ya kai maɓallin ƙarshe. Nan take na tuna yammacin nan na Agusta, na kuma yi shiru. Da ya tafi na ɗauko takardun awo ina juyawa, sai na ga a bayan ta Nuwamba an yi rubutu ƙarami da fensir: kwanan wata, sannan “na gaya wa Majo”. Ta rubuta, ta ajiye, kuma ranar da nake zaginta a gaban jama'a ba ta fito da takardar ba. Na yi mako biyu ina ɗauke da wannan a zuciyata ba tare da na gaya wa kowa ba, ina ce wa kaina tunda an gyara maɓallin magana ta wuce.

Abin da ya nuna mini cewa ba ta wuce ba shi ne takardar awo ta Janairu. Firigo mai aiki awonsa yana hawa yana sauka, yau 4, gobe 6, ranar da aka yi ta buɗe shi 7. Takardar Janairu kuwa 5 ce safe da yamma, daga farkon wata har inda aka tsaya. Na danna na'urar na ga ranakun da awon ya kai 7, wanda ba laifi ba ne ko kaɗan, amma an rubuta 5 domin 5 ce lambar da ba za ta sa a kira mutum ofis ba. Daga nan na fara lura da sauran abubuwa. A taron Litinin idan na tambaya ko akwai matsala, sai kowa ya ce, “Babu komai, Majo.” Sajifam, wadda a da takan yi mini gardama kan jadawalin kwana har mu ɗaga murya, ta koma cewa “to” ga duk abin da na faɗa. Wani maganin yara ya ƙare kwana huɗu ban sani ba, sai daga bakin wata uwa na ji. Babu wanda ya yi mini rashin kunya, gaisuwa ma ta ƙaru, kuma wannan ne ya sa shugaba yake iya shafe shekara cikin irin wannan hali yana zaton ladabi ne ya wadata.

A wani horo kan ingancin aiki na taɓa jin labarin binciken Amy Edmondson ta jami'ar Harvard, wadda a shekarun 1990 ta duba kurakuran ba da magani a sassan asibiti tana tsammanin sassan da suka fi haɗin kai za su fi ƙarancin kuskure. Sai ta tarar su ne suka fi yawan kuskuren da aka rubuta, kuma bayanin da ta kai gare shi shi ne cewa a can mutane ba sa tsoron faɗa. A 1999 ta wallafa wani binciken kan tawagogi 51 na wani kamfani, inda ta bayyana abin a matsayin yardar da ƴan tawaga suka yi tarayya a kanta cewa mutum zai iya yin tambaya, ko ya ce ya yi kuskure, ko ya saɓa wa na gaba, ba tare da an muzanta shi ba. Ni da Hausa sakin jiki nake kiransa. Lokacin horon na ji shi kamar sauran darussa, amma da takardar nan mai 5 a hannuna na gane cewa cibiyata ta zama sashen da rahotonsa yake fes saboda tsoro.

Inna ce ta fara yi mini magana, da yake ta haife ni a shekaru kuma ba ta neman komai a wurina. Ta same ni bayan la'asar ta ce, “Ɗana, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yaran nan duk sun san wanda ya murɗa abin nan, mai gadi yana tsaye ranar.” Jin haka ya fi komai yi mini nauyi, domin ashe wata guda kowa yana kallona ina ba da umarni alhali sun san na ɗora laifina a kan mafi ƙanƙantarmu. Na tambaye ta abin da ya kamata in yi, ta ce in fara da wadda na ɓata wa, kuma kada in kira ta ofis ni kaɗai, domin yarinya ce kuma kiran ofis kansa ya zama abin fargaba.

Muka zauna mu uku a ɗakin Inna bayan an tashi aiki. Na ce mata, “Malama, ni na murɗa maɓallin firigo a watan Agusta. Kin gaya mini a kan lokaci na kore ki, sannan na ci mutuncinki a gaban mutane kan laifin da nawa ne. Ina roƙon ki gafarta mini.” Ban kawo zancen yawan marasa lafiya ko rashin wuta ba, ko da yake suna bakina, domin duk uzurin da aka jingina wa neman gafara yana rage ta. Ta ce, “Babu komai, Majo, Allah ya yafe mana gaba ɗaya,” kuma na san wannan amsa ce da tarbiyya ta wajabta mata, domin a wurinmu babba ya roƙi yaro gafara abu ne da yake sa yaron jin kunya, har ya ƙosa a rufe maganar. Saboda haka ban ɗauki amsar a matsayin an gama ba. Na gaya mata abu biyu da zan yi, na kuma tambaye ta ko tana so a ambaci rubutun da ta yi da fensir a gaban jama'a. Ta yi shiru, sannan ta gaya wa Inna, ba ni ba, cewa tana so a ambata.

Abu na farko shi ne takarda. Na sake rubuta rahoto zuwa gunduma na janye na farkon, na faɗi ranar da na murɗa maɓallin, da ranar da aka sanar da ni, da abin da na amsa. Na ba ta ta karanta kafin in sa hannu, na kuma kai da kaina. An ja mini kunne a rubuce, wanda ya dace. A ganina wannan mataki ne ya fi kowane muhimmanci a farkon lamarin, domin neman gafara a ɗaki ba ya cin shugaba komai, takardar da ke cikin fayil ɗinta kuwa za ta bi ta duk inda aka tura ta aiki. Ma'aikata suna auna gaskiyar tuban shugaba da abin da ya yarda ya rasa.

Abu na biyu shi ne taro. Tunda a tsakar gida na yi zagin, a nan na tara kowa, har da mai shara da mai gadi, na maimaita abin da na faɗa mata kusan kalma da kalma, na ɗaga takardar Nuwamba na nuna musu bayanta. Ban wuce minti biyar ba, kuma ban nemi kowa ya ce komai ba. Na yi zaton bayan wannan fuskoki za su saki, amma mako biyu da suka biyo baya babu abin da ya canza, “babu komai” tana nan yadda take. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen sun ji maganata, suna jiran su ga abin da zan yi ranar da wani zai kawo mini labarin da ba na so.

Kafin wannan rana ta zo, akwai yara 47 da za a nemo. Allurar da ta daskare ba guba ba ce, amma ba a dogara da kariyarta, don haka sai an maimaita. Da farko na yi niyyar tura ƴan sa-kai na unguwanni su kira iyaye mata, sai na ga hakan zai sa wasu su sha zafin tambayoyin da ni ya kamata in amsa. Na je wurin masu unguwa da kaina, na kuma tsaya gaban matan na ce firigonmu ya yi sanyi fiye da kima saboda kuskurena, allurar ba za ta cutar da yaransu ba amma sai an sake. Wata uwa ta ce mini, “Likita, yaron nan kwana biyu ya yi yana kuka da zazzaɓi, yanzu ka ce a banza?” Na ce mata haka ne, kuma tana da gaskiyar jin haushi. Ma'aikatana suna tsaye suna ji. Mun samu yara 41, sauran shida iyayensu sun yi ƙaura ko sun ƙi dawowa, kuma har yau sunayensu suna cikin littafina.

Sai muka zauna bitar abin da ya faru, muka ja layi a allo daga Agusta zuwa Disamba, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya sani a lokacin. Tambayar da na riƙe ita ce: da wani ma'aikaci mai irin horonta ne a wurinta, da zai yi daban? Sajifam ta ce ita ma da an kore ta haka ba za ta koma ba, kuma wannan ce gardamar farko da ta yi mini cikin wata biyu. Bitar ta fito da abubuwan da ban sani ba. Ba a taɓa koya wa yarinyar ma'anar alamomin na'urar ba, bayanin yana cikin wata takarda da ke kulle a durowata. Babu wanda aka ba ikon dakatar da rigakafi in ba ni ba. Kwalaben Penta kuma a ƙasan firigon ake jera su, inda ya fi sanyi, saboda kwandon sama ya karye tun bara kuma kowa ya saba. Muka liƙe maɓallin da salatif, muka rubuta cewa babu mai taɓa shi sai mutum biyu sun sa hannu, ni ma a ciki. Muka amince cewa duk wanda ya ga alama zai dakatar da rigakafin ranar ba tare da neman izinina ba, kuma ko da ta tabbata ba komai, babu wanda zai ce masa don me.

Wata dabara da na kawo ta faɗi. Na ajiye akwati domin mutum ya jefa takarda ba suna, amma a wurin da mutum tara suke aiki kowa ya san rubutun kowa, mai gadi da mai shara kuma ba sa rubutun boko. Wata guda akwatin yana wofi. Abin da ya yi aiki ya fi wannan sauƙi: tsayuwar minti biyar kowace safiya a gaban firigo, inda na daina tambayar ko akwai matsala, domin wannan tambaya amsarta a Hausa ɗaya ce. Na koma tambayar abu takamaimai, kamar mene ne ya ba ka wahala jiya, ko mene ne ya kusa ƙarewa. Ƙananan ma'aikata suke fara magana, ni ne na ƙarshe, domin idan babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa babu yaron da zai saɓa masa a gaban mutane. Nakan kuma fara kawo nawa, kamar ranar da na rubuta wa wani yaro magani bisa nauyin da ban sake aunawa ba, mai ba da magani ya gano. Na faɗi sunansa na gode masa a gaban kowa.

Jarrabawar ta zo a ƙarshen Fabrairu daga inda ban zata ba. Mai gadi, dattijo ne da nake ce wa Baba, ya tsaya bayan an watse yana murza hularsa a hannu, ya ce, “Majo, akwai wata magana. Jiya da dare na zare wayar firigo na sa cajin salulata, barci ya ɗauke ni, sai da aka kira assalatu na mayar.” Na ji jini ya hau mini kai, kuma na san fuskata yake kallo fiye da abin da zan faɗa. Na yi shiru har na ja numfashi sau uku, sannan na ce, “Baba, na gode da ka gaya mini. Zo mu duba tare.” Na'urar ta nuna awon bai wuce 7 ba, domin firigon yana riƙe sanyi na awoyi. Na tambaye shi ko ya saba yin haka, ya ce lokaci-lokaci, saboda soket ɗaya ne yake aiki a ɓangaren da yake kwana, kuma da wayar ake kiransa idan an kawo mai naƙuda. Na gaya masa a fili cewa ba za a sake ba da kuma dalili, na sayo soket na jika biyu aka sa masa a ɗakinsa, aka ɗaure wayar firigo a bango. Da izininsa na kawo maganar a tsayuwar safe. Cikin makon nan mutum uku suka kawo mini abubuwan da suka daɗe suna riƙewa, har da cewa ranar fita ƙauye ana zuba ƙanƙara cikin akwatin sanyi kai tsaye daga daskarewa, ba a jira ta fara narkewa har a ji motsin ruwa idan an girgiza ba, wanda shi ma yana iya daskarar da Penta a hanya.

Akwai iyaka, kuma ita ma sai da aka gwada ta. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maradi yake wuce digiri 40, wani ma'aikaci da ke da aikin Asabar da Lahadi bai zo ba, ranar Litinin ya cike gurbin awo huɗu da lambobin da ya ƙirƙira. Na'urar ta tona, ya kuma musanta sau biyu. Wannan daban yake da na Baba, wanda ya bi gajeriyar hanya saboda rashin soket kuma ya kawo kansa, daban kuma da mantuwar da kowa yake yi. Na kira shi shi kaɗai, da sajifam a matsayin shaida, na ba shi gargaɗi a rubuce, na bayyana masa cewa da ya bar gurbin a buɗe ya ce bai samu zuwa ba, da jadawali kawai za mu gyara. Na ji tsoron wannan zai mayar da mu baya, amma bai mayar ba. Daga baya Inna ta gaya mini cewa da na ƙyale shi da sauran sun ɗauka lallashi kawai nake yi saboda kunyar abin da na aikata. Na fahimci cewa mutane suna iya zama da hukunci idan sun san tun farko abin da yake jawo shi, kuma sun ga ba a yi shi a tsakar gida ba.

Na riƙe ɗan littafi ina rubuta duk matsalar da wani ya kawo da bakinsa kafin in gano ta. A Janairu babu ko ɗaya, a Maris sun kai goma sha ɗaya, yawancinsu ƙanana: sirinji ya kusa ƙarewa, an manta kwalba a buɗe, rajista ba ta dace da katin yaro ba. Mai sa ido da ya dawo ya ga jerin ya tambaya ko aikin ya lalace ne, na nuna masa takardar awo ta Janairu da ta Maris gefe da gefe, ɗaya 5 daga sama har ƙasa, ɗaya tana yawo tsakanin 3 da 7 daidai da abin da na'ura ta riƙe. Littafin ba ya nuna komai da komai, domin abin da aka ɓoye ba ya shiga ƙidaya, kuma na lura mata ƙanana har yanzu sun fi son bi ta wurin Inna ko sajifam. Na bar wannan hanya a buɗe, tunda labarin yana isowa a kan lokaci.

Ita kuwa Malama ita ce ta ƙarshe. Wata biyar tana aikinta daidai, tana amsa abin da aka tambaye ta, ba ta ƙara ko kalma. Ban matsa mata ba, domin ba ni da haƙƙin sa mata ranar da za ta saki jiki da ni. A watan Yuni, wata safiyar rigakafi, mata sun fi talatin a kan benci, ina ɗakin duba marasa lafiya da layi a gabana, ta shigo har gaban teburina ta ce, “Majo, na dakatar da allura. Na'ura ta sa alamar zafi, awon ya wuce 8 tun jiya da rana.” Na ajiye abin da ke hannuna na bi ta. Robar murfin firigon ce ta saki ta gefe ɗaya. Muka kwashe alluran zuwa akwatin sanyi, muka duba alamar jikin kowace kwalba, duk suna nan lafiya, ita ta fita ta yi wa matan bayani cewa za a jinkirta awa ɗaya, ni kuma na kira mai gyara.